Gonar Raggo

Shafi guda aka ce Kubura ta rubuta, kada ta wuce. Malamar gona ce a Kaura Namoda, kuma a 2008 wata ƙungiya ta kawo tallafi kan sauyin yanayi, aka kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Sirajo ya zaɓi inda za a zuba shi. Ita aka ɗora wa takardar shawara. Murna kamar ta tashi sama, don ta san abin da take so: irin gero mai saurin nuna ya isa Zurmi da Shinkafi kafin ruwa ya sauka. Bara sau uku mutane suka yi shuka, ruwa ya yi musu yayyafi ya ɗauke.

Ta raba shafin gida biyu. Gidan dama, rage musabbabi: a rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, a daina ƙona kara, a samu itatuwan da za su zuƙe shi daga iska. Gidan hagu, zama da sauyin da ya riga ya iso: iri mai nuna da wuri, ramukan taki masu riƙe ruwa, jiran ƙasa ta jiƙu sosai kafin shuka. A ƙasa ta rubuta cewa hayaƙin mai fartanya bai taka kara ya karya ba, amma shi fari ke fara ci, don haka a fara da hagu.

Alhaji Sirajo ya karanta, ya tura hula gaba. Mutum ne mai son dashe, musamman in da mai hoto a kusa.

"Malama, masu tallahin nan itace suka so. Ni dashen itacen turare dubu goma ni ka sa ma hannu."

"Ranka ya daɗe, na bara awaki sun cinye."

"To nuna min itacen da akuya ba ta gamawa da shi, in ba ki irinki."

Ranar Talata suka nufi Zurmi duba filin dashe. Hanyar kuwa ta gefen gonar mahaifinta Malami ta bi, kuma Kubura ba ta da abin kunya a duniya kamar gonar nan. A garinsu manomin kirki shi ne mai sharar gona tas, ba kututture ba toho. Malami, tun da ya je wajen dangi a ƙasar Maraɗi ya dawo shekara bakwai da suka wuce, ya daina sare toho. Yara har waƙa suke yi wa wurin, gonar raggo. Ta sunkuyar da kai tana addu'ar direba ya taka mota.

"Tsaya!" in ji Alhaji. "Wa ad da wanga daji?"

Sai ga Malami ya fito da 'yar wuƙarsa, suka gaisa. Gawo da kalgo da sabara sun fi ɗari, wasu sun wuce tsayin mutum biyu.

"Malam, wace hukuma ta ba ka dashe?"

"Dashe? Ban dasa komi ba. Saiwa na nan ƙasa tun zamanin kakana. In kututture ya tohu, sai in bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarhi, in sassabe saura. Ko akuya ta ci, shi sake hitowa."

"Ashe kai ma kana yaƙi da ɗumamar duniya!"

Malami ya yi dariya. "Duniya ta hi ƙarhina, Alhaji. Iska ce ka binne min shuka da rairai, yanzu ta rage. Gawo kau da damina shi ka zubar da ganye, ba ya tare ma gero rana. Da rani bisashe su kwanta inuwatai, su ci 'ya'ya, su bar min taki. Bara sau guda ni yi shuka."

Kubura ta ɗago kai ta dubi gonar. Sau guda! Shekara bakwai tana cin tuwon gonar nan, ba ta taɓa tambaya ba. Ta fizgo takardar, ta ɗora kan murfin mota.

"Ranka ya daɗe, ga itacenka! Ga masu tallahi, yana zuƙe hayaƙi, dama ke nan. Ga manomi, yana tsare shuka, hagu ke nan. Ba jigila, ba ban ruwa. Abin da za a kashe kan dashe sai a sai iri, a koya ma mutane sassabe."

Ta ja layi ya ratsa gidajen biyu. Alhaji ya tafa, ya ce Allahu akbar, a nan tsaye ya sa hannu, har yana kiran mai hoto.

"Saura suna, Malama. Misalin wa za mu ce? Kin san dattijon?"

Ta dubi mahaifinta, wanda tun isowarsu bai nuna ya santa ba, don kada ya ba ta kunya gaban manya. Idonta ya cika.

"Babana ne," ta ce da ƙarfi.

Malami ya goge wuƙar a gefen rigarsa. "To ɗiyata, rubuta yadda yara ka cewa, don kowa ya gane wurin."