Igiya ta Huɗu

Shekara tara ke nan Dogo yana zama a kujerar dama ta jirgin sama, kujerar mataimakin matuƙi, da igiya uku a hannun kwat ɗinsa. Bana gurbin kyaftin ɗaya tak ya buɗe a kamfaninsu, mutum biyar har da shi suka ci jarrabawa, har yanzu kuma ba a fitar da suna ba. Cikin biyar ɗin akwai wanda suke kira Auta, yaron da Dogo ya nuna wa hanyar kantin ma'aikata ranar da ya fara aiki.

Ranar Talata Dogo ya shiga shagon tsohon telan da ke musu kayan aiki, jaka a hannu. Ko sallamarsa bai ƙarasa ba idonsa ya faɗa kan wata baƙar kwat a rataye. Igiyoyi uku na hannunta sun ɗan dushe, ta huɗun kuwa sabuwa fil, sai ƙyalli take yi.

 Hassada ce ta kama shi, ba wani suna da za a ba ta.

"Baba, wannan ta wane ne?"

Tela ya ɗago tabarau. "Igiya huɗu, kyaftin ke nan. Ga fukafukai a ƙirji, matuƙin jirgin sama ne, ba na ruwa ba. Maɓallan kuma na kamfaninku ne."

"Haba Baba, ai duk na san wannan! Sunan mai ita nake tambaya."

"Igiya ba ta faɗin suna, ɗana. Direba ne ya kawo ta, na ba shi lamba."

"Ta Auta ce. Wallahi tasa ce!"

"Ni dai ban ce ba."

Dogo ya fizgo hannun kwat ɗin ya gwada da nasa. Ko kusa da wuyan hannunsa bai kai ba.

"Ka gani? Gajere ne, kamar Auta!"

"Gajerun kamfaninku nawa ne?" in ji tela, ko dariya bai yi ba. "Wataƙila ma wani tsohon kyaftin ne igiyarsa ɗaya ta warware. Kai ka fi ni sanin mutanenku, amma kada ka ce a bakina ka ji."

Ina! Dogo ya riga ya yi nisa. Har ya hango kansa a kujerar dama, Auta a ta hagu, shi da furfurarsa yana cewa, "To, kyaftin."

Tela ya miƙo hannu. "Kai me ka kawo?"

Dogo ya ciro tasa kwat ɗin. Da safe matarsa ta goge ta, ta ce gara a ɗinka igiyar tun yanzu, kada sanarwa ta same su ba shiri. Sabuwar igiyar ma tana naɗe a aljihunsa.

Tela ya juya kwat ɗin gaba da baya. "Me za a yi mata?"

"Maɓalli ne ya yi sako-sako."

Tsohon ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana ja. Dukkansu daram suke. Ya zura zare a allura ya fara da na sama.