Takardar da Ta Ɓace Daga Fayil ɗin Yaya

Yayana malamin makaranta ne, irin wanda ko saƙon waya sai ya yi masa gabatarwa. Da aka ce ya rubuta wa banki wasiƙar neman izinin taɓa asusun marigayi Baba, shafi uku ya cika, har da tarihin yadda Baba ya fara gyaran agogo.

Ma'aikaciyar bankin ta karanta layi biyu ta miƙo masa. "Malam, Allah ya jiƙansa. Amma lambar asusu nake so, da jerin takardun da ka haɗo. Da zarar wasiƙar ta shigo za mu tsayar da asusun, in an gama bincike a biya magada a rufe shi."

Ya dawo gida yana huci, ya ba mu labari kalma da kalma a gaban Mama. Sannan ya zauna ya sake rubutawa: takardar shaidar rasuwa, takardar kotu da ta ba mu, ni da shi, ikon kula da gado, katin shaidarmu da hotuna bibbiyu, littafin cek da katin cire kuɗi na Baba. Ya jera komai a fayil, ya hana kowa taɓawa.

Da safe takardar rasuwar ta ce ɗauke ni inda ka ajiye.

"Ke ce!" in ji Yaya. "Hannunki ba ya zama wuri ɗaya."

"Ni da aka hana ko kallon fayil?"

Muka birkice falo, muka ɗaga katifu. Yaya har cikin firij ya leƙa, ya ce wai ruwa yake nema. Mama tana kan kujera, wayar Baba a cinyarta. Sai na hango gefen farar takarda a ƙarƙashin matashinta.

"Mama?"

Ba ta musa ba, ta kalli Yaya. "Ka ce rufewa za su yi. To, duk ƙarshen wata bankin nan yana turo wa babanku saƙo, da sunansa cikakke. Su kaɗai suka rage ba sa ce masa marigayi."

Tausayinta ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Wata bakwai tana cajin wayar nan, mu muna zaton mantuwa ce ta tsufa.

Ta zaro takardar ta miƙa wa Yaya. "Ungo, ka kai. Na san haƙƙinku ne."

Yaya ya karɓa ya tsaya yana kallon kalanda. Saura kwana tara wata ya ƙare. Ya ɗauki biro, ya soke kwanan watan da ke saman wasiƙar, ya rubuta biyu ga watan gobe.

"Dama layi ya yi yawa a banki wannan makon," ya ce.