Gyaɗa Huɗu a Shafi

Malam Sodangi ya dawo garin Isa daga karatu a Katsina da akwatin littattafan Turanci guda shida, daga na ɗaya mai hotuna har na shida mai ƙananan rubutu. Da safe yana koyar da yara a elemantare. Da la'asar yana koyar da mutum guda, Kassimu ɗan Malam Usmanu limami, wanda hakimi ya zaɓa don aikin malamin dabbobi a Burkusuma.

Aikin ba na wasa ba ne. Za a ba shi akwatin magunguna, ciki har da allurar sammore, cutar nan ta shanu, da takardun bayani duk da Turanci. Allurar nan ana auna ta ne da girman dabba. In ta yi yawa, sa yana iya faɗuwa. Kuma can bakin iyakar Faransi ba wanda zai tambaya.

Sodangi yana da hanyarsa. Kowane shafi yana da kalmomi kamar ɗari biyu. Sai ya zube gyaɗa a tabarma, ya ce wa Kassimu duk kalmar da bai sani ba ya ware ƙwara ɗaya.

"In sun kai uku ko huɗu, littafin naka ne," in ji shi. "Ɗaya cikin hamsin ke nan. Sauran kalmomin za su nuna maka ma'anarta, kuma za ka sake gamuwa da ita gaba har ta zauna. In sun kai goma, sai da ni kusa. In sun wuce haka, ba karatu kake ba, lalube kake."

"In babu ko ɗaya fa?"

"Harshenka zai yi sauri, amma ba ka ƙaru da sabuwa ba. Sai mu hau na gaba."

Kassimu bai taɓa ware ko ɗaya ba. Kullum sai ya tafi gida da littafin, ya dawo ya karanta shafin ba gargada. In an tambaye shi ma'anar kalma, ya faɗa. Kafin damina ta ƙare ya kai na biyar. Da Baturen dabbobi ya zo rangadi, Sodangi ya tsaya gaban hakimi ya ce Kassimu ya iya. Bature bai gwada shi ba. Ya ce maganar malami ta isa, bayan girbi a zo a karɓi akwati.

Zulaihatu matar Sodangi ce ta fara lura. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Malam, ɗalibin nan naka da daɗin murya. Jiya na ji shi bayan danga shina tilawar Turanci."

"Karatu dai."

"Wane karatu? Littafin na cikin aljihu. Idonai rufe, shina rangaji kamar mai hadda."

Sodangi ya ajiye kofin furar da ke hannunsa. Bai sha furar ba.

Da la'asar Kassimu ya zo da na biyar. Sodangi ya karɓa ya tura ƙarƙashin tabarma, ya fito da na shida, wanda bai taɓa barin akwati ba. Ya buɗe tsakiya.

"Wanga ba mu kai nan ba, Malam."

"Na sani. Karanta."

Kassimu ya fara. A layin farko ya tsaya sau biyu. Ya dubi gyaɗar, ya dubi Sodangi, sannan ya miƙa hannu. Ya ware ƙwara ta farko. Kafin rabin shafi gyaɗar da ya ware ta fi ashirin.

"Mi shafin ke faɗi?"

"Akwai jirgi. Ko gida ne."

Sodangi ya ciro na biyar, ya buɗe ƙarshe inda ba su kai ba. Gyaɗa talatin da wani abu. Na huɗu, wani labari da suka tsallake: goma sha takwas. Na uku: tara. Sai a na biyu Kassimu ya kai ƙarshen shafi da ƙwara uku, ya kuma faɗi labarin daidai, har ya cinko ma'anar ɗaya daga cikin ukun da kansa.

"Nan kake," in ji Sodangi. "Na biyu."

"Na yara."

"Wa ke ba ka ma'anoni?"

"Akawun kotu. Ina kai mai shafin, shi faɗa mini kalma kalma, in hardace." Kassimu ya share zufa da hannun riga. "Haka munka yi karatu gidanmu. Malami shi faɗa, kai ka riƙe. Ban taɓa zuwa gaban Baba da darasin da ban riƙe ba. In ware gyaɗa gabanka, in ce ban sani ba? Ni ɗan liman?"

"Kalmomin da ka riƙe, ina suke yanzu?"

"Suna shafinsu. In sun fito wani wuri ba ni gane su."

Sodangi ya tashi ya ɗauko takardar allurar sammore, wadda Bature ya bari don su duba. Ya shimfiɗa ta. Kassimu ya kalle ta kamar an ajiye masa maciji. Bai ko taɓa gyaɗar ba.

"Ba ni ita, Malam. Kafin Juma'a za ni hardace ta duka."

"Wagga za ka hardace. In sun canza magani fa? In sun aiko sabuwa kana Burkusuma?"

"Ba za su canza ba."

"Ka san Yero, mai garke can Kurawa? In shanunai goma sunka faɗi da allurarka, ba ni za ya nema ba."

Kassimu ya kama gefen rigarsa. "Don Allah, Malam. Baba ya riga ya faɗa ma jama'a cikin masallaci. Da ƙyar ya yarda da bokon nan. In an ce ban iya ba, ba ni da inda za ni sa kaina a garin ga. Ka ba ni wata biyu. Mu yi na shida kullum, safe da marece."

"Na shida ba za ya ba ka kome ba. Kalma ɗaya cikin biyar ba ka sani ba, da mi za ka cinko ta? Daga na biyu za mu taso, a hankali. Shekara, ko fiye."

"An fara yankan gero."

"Na gani."

Kwanakin da suka biyo Sodangi bai iya cin abinci ba. In ya ga garke ya wuce bayan makaranta sai ya tsaya da alli a hannu har yara su fara surutu. Shi ya ba da shaida, gaban hakimi da Bature da fadawa. Malamin da ya janye shaidarsa, ya san abin da hukumar En'e ke yi da shi. Zulaihatu ta ce ya yi shiru, wataƙila Allah ya tsare. Da safe kuma ta ce ta yi mafarkin ungulaye.

Ranar da motar Bature ta iso, akwatin na ajiye a zauren hakimi, an ɗaure shi da igiya. Malam Usmanu na zaune dama da hakimi. Kassimu na durƙushe da sabuwar riga.

Sodangi ya cire takalma, ya faɗi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, na zo in janye maganata. Kassimu bai kai ba tukuna."

Malam Usmanu ya daina jan tasbaha.

"Malam Sodangi," in ji hakimi, "ran nan ka yi ƙarya, ko yau?"

"Ran nan na yi kuskure, ranka ya daɗe."

Bature ya nemi a fassara masa. Da ya ji, ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa wa Kassimu. Kassimu ya riƙe ta. Leɓɓansa suka motsa a layin farko, suka tsaya. Ya mayar da ita da hannu biyu.

Aka mayar da akwatin cikin mota. Malam Usmanu ya tashi ya fita bai dubi ɗansa ba.

Kafin a gama sussuka takarda ta zo, an mayar da Sodangi makarantar ƙauye. Ranar da suke ɗaura kaya a kan jakai, Kassimu ya wuce ta ƙofar gidan. Ya rage tafiya, kamar zai yi magana. Sai ya hango mahaifinsa tafe daga masallaci, ya sunkuyar da kai ya wuce.