Ta'aziyyar da Auta Ya Aika wa Mai Magani

Ƙanena Auta ya haura shekara arba'in, amma har yau in abu ya dame shi shagona yake zuwa, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa sai na ce ya shigo. Gyaran firij ne sana'arsa. Ni da maigidana kuwa katuna muke bugawa: na biki, na suna, na godiya, na ta'aziyya. Ni ce mai tsara magana a kwamfuta, shi ne mai yanka takarda da cika mutane da surutu.

Ranar da ya zo da tsakar rana, hannunsa duk baƙin mai, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Yaya, ta'aziyya nake so ki rubuta mini."

Na ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?"

"Rashi ne dai mai ban tausayi."

"Na ji. Wa aka yi wa?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Mai Magani."

Nan maigida ya ajiye wuƙar yanka takarda yana murmushi. Kowa a gidanmu ya san zancen Mai Magani. Mace ce mai kantin magani a bayan tashar mota, tana zaune da 'yarta budurwa, ba miji. Tun da Auta ya gyara mata firij ɗin da take ajiye allurai a ciki, firij ɗin nan bai sake hutawa ba. Yau ya je duba robar ƙofa, gobe ya je sauraron ƙarar inji, alhali lafiyarsa ƙalau. Tun da matarsa ta rasu ban ga Auta ya damu da guge riga ba sai a kan matar nan. Amma fa ko sau ɗaya bai taɓa furta mata komai ba, kuma bai taɓa aika mata saƙon da ba na firij ba. Wannan ne zai zama na farko. In ya yi ɓaramɓarama, na san halinsa, kunya za ta hana shi sake bin layin har abada.

Na ce, "To, wa ta rasa? Uwa? Uba? Ɗan'uwa?"

"Wallahi ban sani ba. Na tarar da kanti a rufe, an manna takarda, an rufe saboda rashi. Mai shagon takalma na kusa da ita ya ce ta fita tana kuka ita da 'yarta, sun hau mota. Shi ke nan."

"Ka kira ta mana ka tambaya," in ji maigida.

Na harare shi. "Mace na cikin makoki, a kira ta a ce ta yi bayanin wanda ta rasa don mu ji daɗin rubutu? Kai dai Allah ya shirye ka."

"To ai da sauƙi," ya ce, ya jawo katin da muka fi sayarwa, mai farar fure a kusurwa. "Mai shekarunta, in ba uwa ba uba ne. Ga shi nan a shirye: 'Muna taya ku jimamin rashin mahaifiya, uwa ta gari, wadda ta yi tsawon rai mai albarka.' Auta, sa hannu kawai, ka biya ni da gyaran fanka."

Auta har ya miƙa hannu. Na buge hannun kamar yadda nake yi masa yana yaro.

Na daɗe a sana'ar nan, kuma abin da na fi tsoro a ta'aziyya shi ne cika baki da zato. Ka ce wa mutum "ta yi tsawon rai", ashe jariri ya binne. Ka ce "Allah ya albarkaci abin da ya bari", ashe bai bar kowa ba, kuma rashin haihuwar shi ne ciwon gidan. Ka ce "ya huta da jinya", ashe da safe ya fita lafiya lau mota ta kwashe shi. Kowace addu'a da muke yi akwai wanda aka ɗinka wa ita. Ta tsoho daban, ta ƙaramin yaro daban, wadda ake yi wa matar da ta rasa miji daban. In ba ka san wa aka rasa ba, ka tsaya kan abin da ka sani, ko da kaɗan ne.

Na jawo kujera na ce ya zauna. "Me ka sani tabbas?"

"An yi mata rashi."

"Sai me?"

"Ta yi kuka."

"Sai kuma me?"

Kunnuwansa kamar za su kama da wuta, ya ce, "Ban ji daɗi ba da na ji."

"To, ka gama rubuta saƙonka. Saura gyara."

Na soma bugawa yana kallo ta bayan kafaɗata. Na sa cewa ya ga kanti a rufe, ya ji labarin rashin da aka yi mata, kuma abin ya taɓa shi. Ya ce in ƙara da cewa mamacin mutumin kirki ne. Na ce, "Ka san shi? Ko ita ce ma? Kada ka yabi wanda ba ka sani ba, mai makoki na gane yabon aro." Ya ce to in sa "na san yadda kike ji", tunda shi ma ya taɓa rashi. Raina ya sosu, don na tuna yadda ya rame a lokacin, amma na ce a'a. Shi mata ya rasa. Ita ba mu san me ta rasa ba, kuma yau ranar nata ciwon ce.

Wajen addu'a muka ɗan daɗe. Na bar mamacin ba tare da na siffanta shi ba, na karkata addu'ar ga wadda muka sani: Allah ya yi rahama, ya ba ki haƙuri ke da iyali, ya sanyaya muku zuciya. Maigida ya leƙo ya ce saƙon ya yi rama, a zuba masa kalmomi masu nauyi, a ce duniya ta yi duhu. Na ce wataƙila ɗan'uwa ne na nesa, ka ce mata duniya ta yi duhu ta rasa yadda za ta amsa. Kada a yi mata awon baƙin cikinta, sama ko ƙasa.

"Saura abu ɗaya," na ce. "Kowa zai rubuta mata 'in kina bukatar wani abu ki faɗa', kuma ba mai makokin da ke faɗa. Me za ka iya yi mata da hannunka?"

Sai na ga idon Auta ya buɗe. "Alluran! Yaya, akwai na masu ciwon suga da na rigakafi a firij ɗin nan. In wuta ta ɗauke ba wanda ya tada janareta, sanyin ya tafi, duk zubarwa za a yi."

Wannan layin da bakinsa ya faɗa, ni dai na buga: "In kin yarda a ba ni makulli, zan riƙa duba firij safe da yamma har ki dawo." Na rufe da cewa ba sai ta amsa ba, ba sai ta yi bayanin komai ba. Na hana shi kati mai fure, don kanti a rufe yake, sai ta dawo za ta gani. Na sa ya kwafa a wayarsa da yatsunsa, ya canja "jimami" zuwa "baƙin ciki" don ya ce shi bai taɓa cewa jimami ba a rayuwarsa. Na ce ya yi daidai. Ya danna aikawa, ya kife wayar a kan tebur kamar za ta cije shi.

Kafin la'asar amsa ta zo, gajeruwa: makulli na wurin mai takalma, ta gode.

Bayan ta dawo, wata safiya sai ga Auta a bakin ƙofata, ba ya murza hula, ga mace a bayansa da baƙin mayafi. Ashe bai iya riƙe sirri ba, ya gaya mata ni na taya shi. Ta gaishe ni har da rusunawa, ta kira ni Yaya. Maigida ya yi wuf ya share kujera da hannun rigarsa, abin da bai taɓa yi mini ba.

Na yi mata gaisuwa, ban tambayi komai ba. Ita da kanta ta ce, "Baban 'yata ne, Yaya. Mun rabu tun tana goye, kuma ba rabuwar daɗi ba. Wasu ko gaisuwa ba su yi mini ba, sun ce ai ba mijina ba ne. Wasu suka rubuto 'maigidanki', har matarsa ta gani a wayar 'yata, ranta ya ɓaci. Wata ƙawata cewa ta yi Allah ya raba ni da ƙaya. Ni kuwa ina ta kuka, ban ma san ko ina da hurumin yin kukan ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Saƙon Auta ne kaɗai bai gaya mini abin da na rasa ba. Na yi ta karantawa a mota."

Maigida ya tura katin mai farar fure ƙarƙashin tarin takardu a hankali. Na gan shi, na bar shi.

Hankalina yana kan Auta. Daga fuskarsa na gane yanzu ne ya ji, kuma ba ƙaramin abu ba ne namiji ya ji macen da yake so tana kukan wani. Na ji tsoron kada ya daskare, ko ya soma zancen robar firij. Amma sai ya ɗago, ya dube ta sosai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Ya yafe masa, ya raya abin da ya bari. Ki yi kukanki, uban 'yarki ne."

Ta gyaɗa kai. Ni ma sai da na juya na yi kamar ina neman wani abu a kwamfuta.

Da za su tafi ya laluba aljihu ya ciro makullin kantin, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta dubi makullin, ta dube shi, ta gyara mayafinta.

"Riƙe shi a wurinka," ta ce. "Firij ɗin nan ba ya rabo da matsala."