Juma'ar Misye Badaru

Shekara goma sha tara ina koyar da 'yan shekara biyar a makarantar Alhaji Mahdi da ke unguwar New Bell a Douala, ban taɓa jin an ce kalandata tana da aibu ba sai da Badaru ya iso. Ɗan ƙanwar Alhaji ne. Ya yi kos ɗin horo na sati biyu a Yaoundé, ya dawo da jakar fata da takalmi mai tsini, kawun nasa ya ba shi ofis da muƙamin direkta. Tun yana yawo ba wando na san shi a layinmu, amma ranar da ya kama aiki ya ce daga yau Misye Badaru za mu riƙa kiransa, wato Malam da Faransanci.

Kalandar tawa da kwalin sabulu na yi ta. Akwai aljihu uku a sama, na jiya da na yau da na gobe, sai gidajen kwanakin wata a ƙasa. Kowace safiya yara su zauna a tabarma, wanda layi ya zo kansa ya tashi ya cire katin yau ya mayar aljihun jiya, ya ɗauko na gobe ya sa a na yau. Mu rera waƙar ranaku bakwai, da Faransanci sannan da Hausa, don mu gano katin da zai shiga aljihun gobe. Mu ƙirga daga ɗaya zuwa kwanan da muke, yaron ya liƙa lambar, mu faɗi sunan wata, a leƙa taga a ga rana ce ko ruwa. Minti goma ne, sai dai kullum ne, don ɗan shekara biyar ba ya gane "jiya" da bayani. Sai ya ga katin da ya riƙe da hannunsa ya koma baya.

Badaru ya shigo ajina wata Litinin, ya tsaya yana toshe hanci da hankici kamar ya shiga kasuwar kifi.

"Madam Rahinatu, wannan fa?"

"Kalanda ce."

"Wannan shara ce. Ranar Juma'a insifekta za ta zo, ita ce za ta sa hannu a ƙara mana aji. Ba za ta tarar da kwalin sabulu a makarantata ba."

Makarantarsa! Ya sa aka cire kwalin aka kai sito, ya rataya wata kalanda mai ƙyalli da hoton dusar ƙanƙara, can sama inda ni ma sai na yi ɗage. Ya hana Hausa a aji. Sannan ya rubuta jimla ɗaya a allo da Faransanci: Yau Juma'a, talatin da ɗaya ga Oktoba.

"Wannan za su haddace. Sau ashirin safe, sau ashirin kafin a tashi."

Na ce, "Misye, ai yau Litinin ce. Kana so in sa yara su ce Juma'a?"

"Ana kiransa shiri, Madam. A zamaninku ba a koya muku ba."

Na je wurin Alhaji. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri ki bi shi, yaron ya yi boko." Na dawo na zauna a kujerata, na bar mai boko da aikinsa. Shi da kansa yake zuwa yana kaɗa rula, yara talatin da biyu suna ihun Juma'a ranar Talata, Juma'a ranar Laraba. Wata 'yar ƙarama mai suna Asta ta koma gida ta kafe wa babanta sai ya je masallacin Juma'a, uwar ta biyo ta washegari tana tambayata ko lafiya.

Ranar Juma'ar aka wayi gari da ruwa irin na Douala. Kwatoci suka cika, masu babur suka fake, insifekta ta bugo waya ta ce sai wani satin. Ba ta faɗi rana ba. Litinin Badaru bai leƙo ajin ba, yana can yana sa a yi wa ƙofar ofishinsa fenti. Ni kuwa an ce kada in taɓa allo, ban taɓa ba. Na yi musu zane da ƙirge.

Talata da hantsi sai ga insifekta, wata dattijuwa mai tabarau da lema a hannu. Badaru ya shigo da ita yana rusunawa, ya tafa hannu, ya tambayi yara da Faransancin nan nasa na hanci, "Yara, yau wace rana ce?"

Baki ɗaya, har da 'yar waƙa, suka ce, "Yau Juma'a, talatin da ɗaya ga Oktoba!"

Matar ta duba wayarta. Ta ce, "Gobe fa?"

"Yau Juma'a, talatin da ɗaya ga Oktoba!"

Na ga gumi ya keto ta wuyan rigarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba ya juyo ya nuna ni. "Kin ga matsalar da nake fama da ita, Madam. Tsofaffin malamai. Na sha gaya mata."

Na ce wa matar ta ba ni minti goma. Na goge jimlarsa, na zana gida uku a ƙasan allo inda hannun yaro zai kai, na sa suka sauko tabarma.

Da Hausa na tambaye su, "Jiya kun zo makaranta?"

"Mun zo, Metires." Haka suke kirana, wato malama.

"Shekaranjiya fa?"

Sati guda ya isa ya dagula su. Wani ya ce Juma'a. Sai Asta ta ce, "Ba mu zo ba. An yi mini kitso, kuma maƙwabtanmu sun je coci."

"Wace rana ake zuwa coci?"

"Lahadi!"

Muka ɗauki waƙar daga Lahadi, muka tsaya a Litinin, na rubuta ta a gidan jiya. Kafin in sake tambaya rabin ajin sun ce Talata. Wata ya fi ba su wuya. Muka ƙirga har talatin da ɗaya, na ce musu Oktoba ba shi da sauran gida, ya ƙare tun Juma'a. Muka rera watanni har muka faɗa Nuwamba, muka ƙirga Asabar ɗaya, Lahadi biyu, Litinin uku. Na miƙa wa Asta alli ta rubuta huɗu, a juye, amma huɗu ce.

Insifekta ta tambaye ni ina kalandar ajin. Na ce tana sito. Ta kalli Badaru ta saman tabarau, ta yi rubutu mai tsawo, ta fita.

An ba mu ajin. Abin da Badaru ya gaya wa kawunsa shi ne, ai dabara ce ya shirya don a gwada yaran, kuma ta yi aiki. Alhaji ya yarda, ko ya ga yarda ta fi sauƙi. Bayan kwana biyu Badaru ya kira ni ofis, ya turo mini farar takarda da biro.

"Madam, ki rubuta mini matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Zan gabatar da su a taron direktoci a unguwar Bonamoussadi."

Saman takardar ya riga ya buga sunansa da manyan baƙaƙe.

Na ce, "Badaru, ƙarfe bakwai da rabi muke farawa. Ka zo ka cire takalmi ka zauna a tabarma, za ka koya."

Ya ce shi ba shi da lokacin wasan yara. Na tura masa takardarsa, na koma aji, don na bar su suna wanke hannu za su ci abinci.