Matakin Tsakiya

Wutar ba ta kai a kira ta gobara ba. Wayar dutsen guga ce ta yi tartsatsi a hawa na huɗu na masana'antar ɗinka riguna, ta kama tarin ƙyallaye, samarin sashen guga suka kashe ta tun ƙararrawa ba ta gama kuka ba. Amma hayaƙin ƙyallen roba baƙi ne wuluk, kuma a duk garin Gazipur babu mai ɗinkin da za ta ga baƙin hayaƙi ta tsaya tambaya. Matan layuka uku suka kwasa a guje zuwa matakalar gabas. Suka tarar da ƙofar ƙarfe a ja, da kwado a jikinta.

Lokacin da Tahmina ta iso, na baya na danna na gaba, na gaba sun manne da ƙarfe suna salati. Sai ga Mofiz mai gadi ya hawo yana haki, gemunsa da sauran ruwan alwala, ya hau buɗe kwadon. Sallar Azahar ya tafi. Katan-katan na rigunan da za a loda kafin Sallah suna jibge a bayan ƙofar, an kuma daɗe da gaya masa cewa in zai gusa ko nan da can ne ya kulle, kada riga ɗaya ta yi ƙafa. Shi ya sa kullum in an kira salla yakan danna kwadon, ya jefa makullin a aljihu, ya sauka masallaci. Kowa ya san da haka. Tahmina ma ta sani.

Ba wanda ya mutu. Takalma ne warwatse a ƙasa, da mayafin wata da ya yage, sai Moyna mai ɗinkin wuyan riga da ta zauna a matakala riƙe da hannunta na dama.

Tahmina ta fara aiki a masana'antar ne a kan keken ɗinki. Don rubutunta mai kyau ne aka ɗauko ta ta zama mataimakiyar jami'in kiyaye haɗari. Jami'in ya samu aiki a wani wuri ya tafi, ba a kawo wani ba, rahoto ya dawo hannunta. Ta san ƙa'idar kamar Fatiha. Haɗari ƙarami shi ne wanda aka shafa magani mutum ya koma bakin aikinsa a ranar. Babba shi ne wanda ya kai mutum asibiti ko ya kwantar da shi daga aiki. Wannan kwamitin cikin gida ke bincikensa, ya rubuta gyara, a rufe. Mafi tsanani shi ne mutuwa, ko nakasa, ko abin da saura ƙiris ya hallaka mutane ko da bai taɓa kowa ba. Shi wannan ba ya kwana a gida. Dole a sanar da kamfanin ƙasar waje mai sayen rigunan, su turo masu dubawa, hawan ya tsaya sai sun gamsu. A takardar rahoton, a ƙasan matakin da ka zaɓa akwai fili, inda za ka faɗi dalilinka.

Ƙofar gudu a kulle da mutane a ciki, ba sai an tambayi kowa matakinta ba.

Ta fara zuwa ɗakin shan magani. Nas ta ɗaure hannun Moyna, ya kumbura kamar gwanda.

"Sai an yi hoto," in ji nas ɗin. "Ina jin ƙashin ya tsage."

"Tsagewar lafiya!" Moyna ta ce. "Ke dai ba ni ƙwaya biyu. Apa, me za ki rubuta?" Apa, wato yaya, haka matan ke kiran Tahmina.

"Abin da ya faru."

"To me ya faru? Hayaƙi muka gani muka ruɗe kamar kaji." Ta yi dariya, dariyar ta ja mata zafi ta cije leɓe. Sai ta rage murya. "Apa, don Allah kada ki kira mana Turawa. In suka tsayar da hawan nan kayan ba su fita ba, kuɗin Sallah ya bi ruwa. Na riga na gaya wa yarana motar da zan zo a cikinta."

"Moyna, da wutar ta kama katan-katan ɗin nan fa?"

"Ai ba ta kama ba."

"Da ta kama?"

"Da yanzu ba ni da damuwar kuɗin mota." Matan da ke bakin ƙofa suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Apa mai biro, rubuta ƙarami mu sha shayi." Tahmina ta yi murmushin da bai wuce leɓe ba, ta fita.

Delwar, manajan ɗinki, bai jira ta je ofishinsa ba, shi ya zo nata. Bai yi faɗa ba. Har shayi ya sa aka kawo da biskit.

"Ƙanwata, na ji kin sha gudu. Zauna mana. Wa ya mutu?"

"Babu, yallaɓai."

"Wa ya ƙone?"

"Babu."

"Alhamdu lillahi. Ƙarami ke nan. Ita yarinyar, gobe a sa mata kujera a teburin tsinke zare, ta zauna da hannu ɗaya. Tunda ta zo aiki ai ba ta kwanta ba."

"Yallaɓai, ba da raunin kaɗai ake aunawa ba. Har da abin da zai iya faruwa. Ƙofar a kulle take."

"Abin da zai iya faruwa!" Ya ajiye kofinsa. "Ni ma mota za ta iya take ni in na fita. Rubuta ni mafi tsanani. Ke kin san mutanen nan kuwa? Ba za su zo su ce sannu ba. Ƙofa a kulle, a wurinsu magana ta ƙare, su kwashe aikinsu su kai wata masana'antar. Su can ba abin da zai ragu a farantinsu. Mu nan, mata nawa ne a hawan nan? Ke za ki ciyar da su?"

Ta ture biskit ɗin gefe.

"Wa ya ce a riƙa kullewa, yallaɓai?"

Ya dube ta da kyau, sannan ya miƙe. "Kin taɓa ganin an rubuta haka a wani wuri? Ina jiran rahoton kafin a tashi."

Ta daɗe a gaban takardar. Ƙarar kekuna ta dawo sama kamar ba a yi komai ba. Ta rubuta wuri da lokaci da yadda wutar ta tashi da waɗanda suka kashe ta. Da ta zo kan matakan uku sai biron ya tsaya. Ƙarami ƙarya ce tsagwaronta, hannunta ba zai iya ba. Mafi tsanani ita ce gaskiya, amma in ta rufe ido sai ta ga Moyna ta sauka daga mota a ƙauyensu hannu rabbana, da sauran matan, da ita kanta. Sai na tsakiyan ya yi ta kallonta. Ba ƙarya ba ne: mutum za ta asibiti, za ta kwanta daga aiki. Kuma babba na da bincike. Kwamiti zai zauna, dole a yi maganar kwadon, a cire shi, kayan kuma su fita a kan lokaci. Ta ji kamar ta samo hanyar da za a raba gari ba a zubar ba.

Ta zaɓi babba. A filin dalili ta rubuta: "An sa shi a wannan mataki saboda ma'aikaciya ɗaya ta ji rauni a wuyan hannu wanda ke buƙatar asibiti da hutu, don haka ya wuce ƙarami. Ba a rasa rai ba, ba wanda ya nakasa, an kashe wutar nan take. An samu jinkirin buɗe ƙofar gabas domin mai gadi ba ya wurin."

Ta karanta jimlar ƙarshe sau da yawa. Kowace kalma gaskiya ce. Kalmar kwado ce kawai ba ta shiga ba, don in ta shiga, duk mai karatu zai tambayi me ya sa matakin bai hau sama ba.

Delwar ya karanta a tsaye. Ta zaci zai yi tsawa. Sai ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Kin fi ni hankali, ƙanwata," ya sa hannu. Ta karɓi takardar, ta sake karanta jimlar ƙarshe.

Kwamitin ya zauna bayan kwana biyu, bai kai shan shayi biyu ba. Abin da ke cikin filin dalili shi ake bincike, abin da ke ciki kuwa mai gadi ne da ba ya wurinsa. Tahmina ta buɗe baki ta ce ai umarni aka ba shi. Shugaban kwamitin ya juyo mata da takardar, ya ɗora yatsa a kan rubutunta. "A ina kika faɗi haka?" Musabbabi: sakacin mai gadi. Gyara: an sallame shi, an canza wayar dutsen guga. Ita ce ta rubuta an rufe, don aikinta ne.

Ta sami Mofiz da la'asar a ɗakin masu gadi yana naɗe dardumarsa. Ya riga ya cire rigar aiki, sai ya koma ƙaramin tsoho a cikin zanensa.

"Khalu," ta ce, wato kawu, yadda duk matan ke kiransa.

"'Yata, shigo. Kada ki ɓata fuska. Ai ba ki yi mini ƙarya ba, ba na wurin."

"Ba haka na nufa ba. Na zaci za su cire kwadon ne."

"Su cire, katan-katan su tsare kansu?" Ya yi 'yar dariya. "Yaya hannun Moyna?"

"Ya tsage. An sa mata filasta."

"Allah ya sawwaƙe. Da dare in na kwanta sai in riƙa jin yadda suke kirana ta cikin ƙarfen nan. Wataƙila barin aikin ya fi mini." Ya cusa dardumar a jaka, ya ɗora kwanon abincinsa a kai. "Sabon da suka kawo, mutumin Rangpur ne, da alama yana da kirki. Na ja shi gefe na yi masa wasiyya."

"Me ka ce masa?"

"Na ce in an kira salla kada ya sauka. Ya shimfiɗa kwali a bakin ƙofar ya yi abarsa a nan. Makullin kuma ya sa masa igiya ya rataya a wuya, aljihu na ɓata lokaci."

"To in bayan gida ya kama shi fa, Khalu?"

Tsohon ya tsaya da jakar a kafaɗa, ya yi tunanin abin da gaske.

"Ya yi sauri," ya ce.

Ta raka shi har bakin titi. Motocin kaya na shiga da baya ɗaya bayan ɗaya, ana loda rigunan. Ya ɗaga mata hannu ya shige cikin masu keken haya. Ita kuma ta koma ciki, don wata yarinya a hawa na biyu allura ta soke ta a yatsa, ana jiran ta zo ta rubuta.