Fim ɗin da bai ƙetara Landan ba

Gbenro Oyelakin, mai shirya fina-finai, yana ofishinsa na Surulere a Legas, ya sa amala da miyar ewedu a gaba, sai waya ta yi ƙara. Da ya ga lambar Landan ce, sai ya mayar da lomar cikin kwano.

Tun safiyar wannan Asabar fim ɗinsa ya hau manhajar kallo. Legas ta gani, Accra ta gani, Nairobi ma ta gani. Amma wadda ta ɗauki fim ɗin a ka, wato Mama Ashabi, tsohuwar 'yar wasa kuma jarumar fim ɗin, tana Landan wurin 'yarta Yewande. Can kuwa matan cocinsu sun daɗe suna yi mata dariya a ɓoye, wai kowace tsohuwa in ta zo Turai sai ta ce ita tauraruwa ce a gida. Shi ya sa ta kama zauren coci, ta fitar da anko, ta sa aka dafa shinkafa da moin-moin, don su zo su gani da idonsu.

Gbenro ya san da shirin nan tun ana yankan yadi. Ya kuma san fim ɗin ba zai fito a can ba. Kullum sai ya ce gobe zai faɗa mata, goben ba ta zo ba. Wannan ba kunya ba ce, ragwanci ne.

Ya ɗauki wayar, fuskar Yewande ta bayyana.

"Yaya Gbenro, mun rubuta sunan fim ɗin har hannu ya gaji, babu shi. Ko intanet ɗinku na Najeriya kuka aiko mana da shi?"

"Ba Mama wayar."

Tsohuwa ta cika allon da ɗaurin ɗankwalinta mai ruwan gwal. "Ɗana, mutane sun zauna. Wane maɓalli za a danna?"

"Mama, babu maɓalli. Fim ba a sayar da shi dunƙule. Yanka shi ake yi kamar fili, ƙasa-ƙasa, kowa da shekarunsa. Lokacin da aiki ya tsaya mana ana tsakar ɗauka, wani kamfani a Landan ya sayi haƙƙin nunawa a Birtaniya, shi kaɗai, sinima da talabijin da intanet duka. Da masu manhajar suka zo, abin da ya rage suka saya, wato Afirka. Manhajar tana gane ƙasar da mutum yake, in ba su da izinin wurin, sai ta ɓoye fim ɗin."

"To, su na Landan ɗin su nuna mana."

"Sun ajiye shi. Sun ce sai sun ga kasuwa."

"Kai ba naka ba ne?"

"A can, ba nawa ba ne, sai wa'adinsu ya cika."

Yana jiyo ƙarar cokula da dariyar mata a bayanta.

"Yaushe ka san haka?"

"Tun kafin ki tafi, Mama."

Yewande ta leƙo. "Ai da sauƙi. Akwai dabarar da ake yi manhajar ta ɗauka a Legas muke. Ko kuma ka turo mana shi ta waya, wa zai sani?"

Gbenro ya san nuna shi a zaure cike da jama'a keta yarjejeniya ne, amma hannunsa har ya kai kan kwamfuta. "Zan turo, Mama. Abin da zai faru ya faru."

"Ɗauke hannunka!" in ji tsohuwa. "Tun zamanin kaset ɓarayi ke kwafar wasana suna gina gidaje, ni ina hawan bas. Na zage su a rediyo, na zage su a kasuwa. Yau kuma ni zan tara mutane a ɗakin Allah in saci kallon fuskata? Ke kuma, mai dabara, je ki duba naman can kar ya ƙare."

Gbenro ya jingina wayar da kwano, ya zube rub da ciki a ƙasa kamar yadda ɗan Yarabawa ke yi wa babba, ga shi da furfura a gemu.

"Tashi, tashi. Silin ɗinka kawai nake gani, da fankar da ba ka gogewa. Sayarwar ba ta dame ni ba, da ba ka sayar ba da fim bai kammalu ba. Bakinka da ka rufe shi ne ya kashe ni. Da ka yi magana, da ban gayyaci ko kyanwa ba."

"Bari in yi musu bayani da kaina. Ki sa ni a lasifika."

"Su ce na yi hayar wani a Legas ya yi mini shaida? Ni na tara su, ni zan sallame su."

Ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ajiye wayar a kan tebur ba ta kashe ba. Gbenro yana durƙushe, ya ji ta tafa hannu, zauren ya yi tsit. Ya ji ta ce yau babu fim, a ci abinci. Sai wata mata can baya ta ce, "Ayya, Mama tauraruwa," aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

Bai kashe wayar ba shi ma. Ya zauna ya saurara har aka fara jan kujeru.